Takardun sikanin biyu, ranakun haihuwa uku: wacce za a bi?

"Assalamu alaikum Likita. Ina da juna biyu, cikina na uku ke nan. Hailata ta ƙarshe ta fara ranar 10 ga Janairu, a wurin awo suka lissafa mini 17 ga Oktoba. Na yi sikanin ranar 28 ga Maris, takardar ta ce 31 ga Oktoba. Na sake yin wani a wani wuri ranar 5 ga Satumba, ya ce 12 ga Nuwamba. Maigidana ya ce na ƙarshen za mu bi tunda yaron ya girma ana ganinsa sosai, surukata kuma ta ce injin ƙarya yake yi. Ta yaya na'urar take gano ranar, kuma wacce ce tawa? Lokacin da na samu cikin ban daɗe da yaye ba, hailar tana yi mini wasa."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya raba lafiya.

Ki riƙe 31 ga Oktoba. Ki sa ma'aikaciyar awo ta rubuta ta a saman katinki da babban rubutu, kuma kada wani hoton da za a yi nan gaba ya sa a canza ta. Maigida ya yi tunanin da kusan kowa yake yi, amma a wannan fanni abin a juye yake: hoton da aka ɗauka tun cikin yana ƙarami shi ya fi faɗin gaskiyar kwanakinsa. Ita ma Hajiya akwai ƙamshin gaskiya a zancenta, domin na'urar ba ta san ranar da za ki haihu ba. Tsawo da faɗi kawai take aunawa, sauran duk lissafi ne.

Abin da ke faruwa idan an ɗora abin a cikinki

Wannan abin da ake shafa wa jel a goga a mararki, sauti yake harbawa cikin jiki. Kunnen mutum yana jin sautin da bai wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa ba. Na sikanin ɗin ciki yana kaɗawa sau miliyan 2 zuwa miliyan 5 a daƙiƙa, shi ya sa ba kya jin komai. A bakin abin akwai wasu 'yan ƙananan duwatsu a jere. Idan lantarki ya taɓa su sai su girgiza su fitar da sauti, idan kuma sautin ya bugi wani abu ya dawo ya girgiza su, sai su mayar da shi lantarki. Kamar yaro ne ya leƙa rijiya ya yi ihu yana jiran amsa-kuwwa: in rijiyar mai zurfi ce, muryar takan ɗan jima kafin ta dawo.

Na'urar an saita ta a kan cewa sauti yana gudun mita 1,540 a daƙiƙa a cikin naman jiki. Saboda haka abin da yake da zurfin santimita 10 a ƙarƙashin fata, sautin zai je ya dawo cikin kusan kashi ɗaya bisa 7,700 na daƙiƙa. Da wannan ɗan jinkirin take gane nisan kowane abu, da ƙarfin amsar kuma take gane irinsa. Ƙashi yana mayar da sauti da ƙarfi, sai ya fito fari fat. Ruwa yana barin sautin ya ratsa shi bai dawo da komai ba, sai ya fito baƙi ƙirin. Nama, hanta da mabiyiya suna fitowa toka-toka. In kin lura a hotonki, ƙoƙon kan jaririn farin zobe ne, ruwan da yake ciki kuma baƙi ne kewaye da shi.

Iska ce babbar abokiyar gabar wannan aiki, domin sautin ba ya iya tsallake ta. Dalilin jel ɗin nan mai sanyi ke nan, yana kore iskar da ke tsakanin fata da bakin na'ura. Shi ne kuma dalilin da muke ce wa mai ƙaramin ciki ta sha ruwa ta riƙe fitsari. Mafitsara idan ta cika takan ture hanji gefe, shi kuma hanji iska ce a cikinsa, sai mahaifa ta bayyana ta bayan mafitsarar kamar ana leƙe ta taga. Idan ciki bai kai sati 8 ko makamancin haka ba, ko matar tana da jiki, wani lokaci sai an yi ta gaba da wani siririn kan na'ura. Mata da yawa suna ƙyamar wannan, na kuma fahimce su, amma ba ya taɓa cikin kuma ba ya jawo ɓari.

Mutane suna haɗa shi da hoton ƙashi da ake hana masu ciki. Wancan haske ne mai ratsa jiki, wannan kuwa sauti ne. Tun 1958 da wani likitan mata a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, Ian Donald, da abokan aikinsa suka wallafa aikinsu a kansa, ake amfani da shi, kuma ba a tabbatar da wata illa ga jariri ba a yadda ake yinsa don bincike. Duk da haka ba mu son a yi ta yi don nishaɗi kawai.

Inda 17 ga Oktoba ta fito

Wannan ranar ba na'ura ce ta ba da ita ba, biro da takarda ne, ko kuma wannan faifan kwali da ungozoma take juyawa. Ana ɗaukar ranar farko ta hailar ƙarshe, a ƙara kwana 7, a ja baya wata 3, a tsallaka shekara idan lissafin ya buƙata. A wurinki, 10 ga Janairu da kwana 7 ya zama 17 ga Janairu, a ja baya wata 3 ya zama 17 ga Oktoba. Kwana 280 ke nan cif, wato sati 40.

Akwai abin da yake rikita mutane a nan. A satuttuka biyun farko na waɗannan 40 ɗin babu ma cikin tukuna. Mun fara ƙirga daga haila ne don ita ce abin da mace take gani da idonta, fitar ƙwai kuwa ba a gani. Daga ranar da ƙwai ya haɗu da maniyyi zuwa haihuwa kusan kwana 266 ne. In kika raba 266 da kwana 29 da rabi na watan sama, za ki samu wata 9 daidai. Don haka iyayenmu da suke ƙirga wata tara ba su yi kuskure ba, mu da su mun bambanta ne a wurin fara ƙirgar.

Lissafin nan ya dogara a kan abu biyu: cewa kin tuna ranar daidai, da cewa ƙwanki ya fita a kwana na 14 na zagayen haila mai kwana 28. Na farkon ma yana da wuya. A ɗakin awo in na tambayi mace hailarta ta ƙarshe, amsar da na fi ji ita ce "bayan ƙaramar salla da kamar sati biyu" ko "lokacin bikin ƙanwata". Ke kin riƙe taki, madalla. Na biyun ne ya ba ki matsala. Macen da take shayarwa ko ta yi yaye kwanan nan, ko ta bar allurar tazara, ƙwanta ba ya fita a kan ƙa'ida. Zai iya jinkiri har kwana 28 ko fiye bayan hailar. Idan haka ta faru, cikin ya fi lissafin haila ƙanƙanta da sati biyu, kuma abin da takardarki ta Maris ta nuna ke nan.

Hoton Maris, kuma me ya sa na fi yarda da shi

Ki ɗauko takardar. Za ki ga wani layi da aka rubuta CRL, kusa da shi akwai lamba a milimita. Wannan tsawon tayin ne daga tsakar ka zuwa mazaunai, ban da ƙafafu, domin a lokacin a naɗe suke. Mai hoton yana neman tayin ya kwanta a gicciye a allo, bai dunƙule sosai ba kuma bai miƙe ba, sai ya tsayar da hoton ya sa alama ɗaya a ka ɗaya a ƙasa. Na ƙwarai yakan auna sau uku. Na'urar tana da jadawali a cikinta da yake cewa tsawo kaza ya yi daidai da kwana kaza.

Mu yi lissafin naki. Ranar 28 ga Maris, bisa haila kina da kwana 77, sati 11 daidai. Tayin sati 11 yakan kai wajen milimita 41 zuwa 45. Tunda takardar ta ba da 31 ga Oktoba, na'urar ta ga cikin sati 9 ne, kuma hakan na nufin tsawon da aka auna yana kusa da milimita 23, kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya. Sati 9 kwana 63 ne. A cire 63 daga 280, saura 217. A ƙirga kwana 217 daga 28 ga Maris, sai a sauka a kan 31 ga Oktoba. Akwai wata 'yar dabara da muke koya wa ɗalibai don gwada na'ura da ka: ki mayar da tsawon zuwa santimita ki ƙara 6.5, zai ba ki satuttukan a kimance. Santimita 2.3 da 6.5 sun ba da 8.8, kusan 9 ke nan.

Abin da ya sa wannan awon yake da ƙarfi shi ne, a watanni ukun farko 'ya'yan mutane kusan gudu ɗaya suke yi. Ɗan doguwa da ɗan gajera, ɗan mai cin nama kullum da ɗan wadda laulayi ya hana ta cin komai sai kunun tsamiya, duk a sati na 9 tsawonsu kusan ɗaya ne. Gado da abinci da lafiyar mabiyiya ba su fara raba su ba tukuna. Ga shi kuma tayin yana ƙara milimita ɗaya ko fiye a kowace rana, don haka ko bambancin kwana huɗu ana ganinsa a allo. Kuskuren wannan awon bai cika wuce kwana 5 zuwa 7 ba. Ana amfani da shi har tsawon ya kai milimita 84, wajen ƙarshen sati na 13. Bayan nan jaririn ya fara lanƙwashewa da miƙewa yadda ya ga dama, sai mu koma auna kai da cinya.

Ba kowane saɓani ne yake sa mu bar lissafin haila ba. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta fitar, wadda da yawanmu muke bi, tana cewa: idan ciki bai kai sati 9 ba, sai bambancin ya wuce kwana 5 ake komawa ga na'ura. Daga sati 9 zuwa ƙarshen na 15, sai ya wuce kwana 7. Daga 16 zuwa ƙarshen na 21, kwana 10. Daga 22 zuwa ƙarshen na 27, kwana 14. Daga sati 28 zuwa sama kuwa, sai ya wuce kwana 21. Naki bambancin kwana 14 ne a sati na 11, ya ninka iyakar sau biyu, ga kuma dalili a fili, wato yayen da kika yi. Da ce mini kika yi hoton ya ba da 20 ga Oktoba, da na ce ki zauna a kan 17 ɗinki, kwana uku ba abin tayar da hankali ba ne.

Sharaɗi ɗaya ne: a ce wanda ya yi hoton ya iya. Na taɓa karɓar takarda daga wani ɗakin hoto na cikin gari inda aka haɗa tayi da ɗan zoben abincinsa da ke gefe aka auna su tare, cikin ya ƙaru da kusan sati guda a takarda. Da muka sake dubawa muka gane. In an manna miki hoton a jikin takardar, ki nuna wa likitanki ya ga inda aka sa alamomin biyu.

Hoton Satumba ya amsa wata tambaya ce daban

Ranar 5 ga Satumba, bisa ranarmu ta 31 ga Oktoba, cikinki yana sati 32 daidai. Na'urar ta ba da 12 ga Nuwamba, ma'ana ta ga girman jaririn ya yi daidai da na sati 30 da kwana 2. A wannan mataki abu huɗu ake aunawa, za ki gan su a jere: BPD faɗin kai daga gefe zuwa gefe, HC kewayen kai, AC kewayen ciki a daidai hanta, FL tsawon ƙashin cinya. Kowanne yana ba da nasa satuttukan, na'urar ta haɗa su ta fitar da matsakaici, ta buga EDD a ƙasa, wato ranar da ake sa ran haihuwa. Haka aka gina ta, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba. Ba ta san an taɓa yi miki hoto a Maris ba.

Ki tuna yaran unguwarku 'yan shekara goma. In aka jera su aka ce ki faɗi shekarun kowa da tsawonsa, wani za ki ba shi takwas, wani goma sha biyu. Jariran wata bakwai da takwas a ciki ma sun riga sun rabu haka. Ga shi kuma kai ya fara gangarawa ƙugu yana wuyar aunawa, ƙasusuwa sun yi ƙwari suna yin inuwa. Shi ya sa kuskuren hoton ƙarshen ciki yake kai sati uku gaba ko baya. Kwana 12 da aka samu a naki yana cikin wannan tazara.

Sai dai kada ki jefar da takardar, domin tana da amfani babba in an karanta ta daidai. Tunda mun san kwanakin cikin daga Maris, tambayar yanzu ita ce ko yaron yana girma yadda ya kamata. A sati 32 muna sa ran faɗin kai wajen milimita 80, ƙashin cinya wajen 62, kewayen ciki wajen 280, nauyi kuma tsakanin kilo 1.7 da kilo 2 ga yawancin jarirai. Ki duba layukan ɗaya bayan ɗaya. In duka huɗun sun ɗan ja baya tare, kowanne yana nuna sati 30 ko 31, sau da yawa yaro ne ɗan ƙarami a halittarsa, musamman in ke ma ba ki da girman jiki ko yayyensa ba su zo da nauyi ba. In kuwa kai yana nuna 32 amma kewayen ciki yana nuna 28 ko 29, wannan ina so a bi shi. Jaririn da abinci bai ishe shi daga mabiyiya ba yakan tura jini zuwa ƙwaƙwalwa ya bar hanta ta rame, sai kai ya ci gaba da girma ciki ya tsaya. Abubuwan da muka fi gani suna jawo haka a wajenmu su ne hawan jini na masu ciki, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini da ciwon sikila.

A nan ne haɗarin canza rana yake. In aka ce "ai cikin bai kai ba ne" aka matsar da ranar zuwa Nuwamba, an shafe alamar da ya kamata ta sa a farga. Na ga wata baiwar Allah da ta zo mana da takardu huɗu daga wurare huɗu, kowacce ta ƙara mata sati ɗaya ko biyu a kan ta baya, ita kuma tana murna wai tana da sauran lokaci. Da muka jera takardun a tebur bisa kwanan wata, sai ga shi a fili yaron ya kusa wata guda bai ƙara komai ba, jininta kuma ya hau. An ciro shi da rai, amma da ƙyar.

Abin da zan yi da kina gabana: in auna jininki da fitsari, in duba yawan jinin jikinki, in sa tef daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa, wanda daga sati 24 santimitarsa takan yi daidai da satuttuka, da ragi ko ƙarin 2 zuwa 3. Sannan in sake hoton bayan sati biyu zuwa uku da na baya, a wuri ɗaya in da hali. Kusa da haka ba ya nuna komai, domin girman da yaro zai yi a sati guda bai fi kuskuren awon ba. Nauyin da ake rubutawa a gaban EFW ma kimantawa ce, yana iya kaucewa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. In an ce kilo 3, zai iya zama 2.6 ko 3.4.

Sauran abubuwan da ake dubawa

A hoton farko, kafin a zo kan kwanaki, muna tabbatar da cewa cikin yana cikin mahaifa, domin wanda ya zauna a bututun ƙwai yana iya fashewa ya kashe mace da zubar jini ta ciki. Muna neman bugun zuciya, wanda ake fara gani wajen sati na 6, muna kuma ƙirga ko ɗaya ne ko tagwaye. In tagwaye ne, kafin sati 14 ne aka fi gane ko mabiyiya ɗaya suke rabawa, kuma wannan yana canza irin kulawar da za a ba su. A nan ma ake warware zancen cikin da ake cewa ya kwanta. Matan da suka zo mini da wannan bayani, abin da nake samu ɗayan uku ne: tayin ya daina rayuwa tun tuni bai fita ba, ko haila ce ta ɗauke saboda shayarwa sannan sabon ciki ya shiga daga baya, ko kuma ƙari ne a mahaifa.

Tsakanin sati 18 da 22 ake yin hoton duba halitta: ƙwaƙwalwa, ƙashin baya, ɗakuna huɗu na zuciya, ciki, ƙoda, mafitsara, hannuwa da ƙafafu, da igiyar cibiya mai hanyoyin jini uku. Wannan yana cin minti 20 zuwa 30 in za a yi shi da gaske, hoton minti uku bai duba waɗannan ba. Ko a hannun gwani ma ba ya kama komai, wasu matsalolin zuciya sukan ɓuya, kuma ba ya nuna sikila ko kaifin ƙwaƙwalwa. Ba ki ambaci kin yi wannan ba. Lokacinsa mafi kyau ya wuce, amma ki gaya wa mai hoto na gaba ya duba abin da zai iya gani. A wannan lokacin ne kuma ake iya ganin mace ce ko namiji, kodayake igiyar cibiya in ta ratsa tsakanin cinyoyi ta sha sa mutane sayen kayan da ba su dace ba.

A ƙarshen ciki, ban da girma, akwai abu uku da nake so ki nema a takardarki. Na farko wurin da mabiyiya take. In tana ƙasa ta rufe bakin mahaifa ko tana kusa da shi da ƙasa da santimita 2, haihuwa a gida haɗari ce babba. Yawancin waɗanda aka gani a ƙasa a sati 20 sukan yi sama da kansu yayin da mahaifa take buɗewa, shi ya sa ake sake dubawa wajen sati 32. Na biyu yawan ruwa, wanda ake rubutawa AFI, daidai ɗinsa tsakanin santimita 5 da 25. Ƙaramin yaro da ƙarancin ruwa in suka haɗu, ba ma jinkiri. Na uku kwanciyarsa. A sati 32 in yana zaune ko a gicciye ba komai, yana da filin juyawa. Daga sati 36 ne muke damuwa da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016, ta ce kowace mai ciki ta samu hoto aƙalla ɗaya kafin sati 24. Mu a nan akasin haka muka fi gani, ana ɓoye ciki sai ya fito, a zo hoton farko a wata na bakwai. Ga irin wannan matar dole mu yi aiki da abin da ya samu, mu haɗa da lokacin da ta fara jin motsi, wanda yakan zo wajen sati 18 zuwa 20 a cikin fari, ya ɗan riga haka ga wadda ta saba. Ke kin yi sa'a da kika je a Maris.

Abin da ranar take nufi a aikace

Cikin kowace mata ɗari, huɗu ko biyar ne kawai suke haihuwa a ranar da aka rubuta musu. Ki faɗa wa Hajiya wannan, don kada ranar ta wuce ta ce ai dama ta faɗa. Cikinki zai cika sati 37 ranar 10 ga Oktoba, daga nan duk ranar da naƙuda ta zo ba bakwaini ba ne. Kayan haihuwa da kuɗin mota su kasance a shirye tun farkon watan. Sati 41 zai cika 7 ga Nuwamba, sati 42 kuma 14 ga Nuwamba. Yawancin asibitoci suna tayar da naƙuda idan an kai sati 41, domin daga nan mabiyiya tana fara gajiya, ruwa yana raguwa, haɗarin rasa jariri a ciki yana ƙaruwa.

Yanzu ki ga abin da zaɓen rana yake jawowa. In kuka bi 12 ga Nuwamba, ranar da kuke ganin cikin ya cika sati 40 a gaskiya yana sati 41 da kwana 5, kuma in aka ƙara jiran sati guda an haura 42. In kuma aka bi 17 ga Oktoba, a ce akwai dalilin yi miki aiki a sati 39, za a sa ranar 10 ga Oktoba, alhali yaron sati 37 ne kawai ya cika, kuma jariran da aka ciro da aiki a wannan lokaci sun fi samun wahalar numfashi fiye da na sati 39.

Ranakun kawai nake da su daga saƙonki, hotunan kuwa suna hannunki, don haka ki kai duka takardun biyu tare da katin awo wurin likitan da yake ganinki cikin satin nan, ki ce masa ya duba layin AC da na ruwa. Kafin nan, in kika ga jini, ko faya ta fashe, ko motsin yaron ya ragu daga yadda kika saba, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi ko kumburin fuska, kada ki jira ranar awo kuma kada ki fara zuwa ɗakin hoto, ki wuce ɗakin haihuwa kai tsaye ko da tsakar dare ne.